Cire kala daga PDF: inda ake samun sauƙi, da inda ba a samu

A kowane shagon buga takardu da ke bakin ƙofar makaranta ko sakatariya, farashi biyu ne: na baƙi da fari, da na kala. Na kala ya ninka ɗaya sau da yawa. Shi ya sa ɗalibin da zai buga furojet, ko malamin da zai raba wa ɗalibai takardar darasi, yakan ji an ce masa ya fara mayar da fayil ɗinsa na PDF toka-toka kafin ya kai shago, wai zai rage kashe tawada, kuma fayil ɗin zai yi sauƙin turawa ta waya. Shawarar tana da gaskiya, amma ba duka ba. Cire kala yakan rage wa firinta shan tawadar kala. Ba ya rage shan baƙar tawada, wani lokaci ma ƙara shi yake yi. Nauyin fayil kuwa, ba kala ce ta fi jawo shi ba, don haka mutum yakan cire ta ya tarar fayil ɗin yana nan kusan yadda yake.

Don a gane dalili, sai an fara duba yadda kala take zama a cikin fayil. A fuskar kwamfuta da waya, kowace kala haɗin haske uku ce: ja, kore da shuɗi. Kowanne yana da lamba daga 0 zuwa 255. Ja zalla shi ne 255, 0, 0. Fari shi ne 255 sau uku, baƙi kuma sifili sau uku. Firinta ba ta aiki da haske, da tawada take aiki, kuma tata huɗu ce: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi, waɗanda ake gani an rubuta C, M, Y da K a jikin kwalabe ko kwanson tawada. Idan aka mayar da fayil toka-toka, lambobin nan uku ne ake narkewa su zama lamba ɗaya tak, wadda ke nuna yawan haske kawai: 0 baƙi ƙirin, 255 fari fat, sauran matakai 254 da ke tsakani duk toka ce, wata ta fi wata duhu.

Ba raba daidai ake yi wajen narkewar ba. Idon ɗan Adam ya fi ganin hasken kore, sai ja, shuɗi ne na ƙarshe. Saboda haka lissafin da aka fi amfani da shi, wanda ya samo asali tun daga fasahar talabijin, shi ne wannan:

```
Y = 0.299 R + 0.587 G + 0.114 B
```

Wato kore ya ɗauki kusan kashi 59 cikin 100, ja kusan 30, shuɗi 11 kacal. Manhajoji sun ɗan bambanta a lambobin da suke amfani da su, amma tsarin ɗaya ne. Duk abin da zai biyo baya, na amfani da na ɓarna, daga wannan layi guda yake fitowa.

Mu ɗauki misali. A ce wata ɗaliba ce ta gama furojet mai shafi 60, za ta buga kwafi huɗu. Shafi 48 rubutu ne zalla da aka buga a Word. Shafi shida zane-zanen alƙaluma ne, masu sanduna ja da kore. Shafi huɗu hotuna ne da ta ɗauka da waya a wajen bincike. Shafi biyu na ƙarshe takardar izini ce da aka yi wa sikanin, mai hatimi da sa hannu. Bayan wannan tana da majigin gabatarwa mai shafi 40 da ta shirya a PowerPoint, fararen haruffa a kan shuɗi mai duhu, wanda malaminta ya ce ta buga wa masu jarrabawa. Abu ɗaya za a yi wa duk waɗannan shafuka, amma sakamakon zai bambanta ƙwarai.

Mu fara da shafukan rubutu, domin nan ne ribar da mutane ba su lura da ita take. Shafi yana iya zama baƙi da fari a ido amma ya zama na kala a wurin inji. Adireshin intanet ɗaya da Word ya mayar shuɗi ya isa. Haka tambarin makaranta a saman shafi, ko wani siririn layi mai ruwan toka-shuɗi a ƙarƙashin kanun babi. Manyan injinan kala na ofis suna da ƙidaya biyu, ta shafin kala da ta baƙi, kuma idan an bar su su zaɓa da kansu, ɗigon kala kaɗan na iya sa a ƙirga shafin duka a matsayin na kala. Akwai ma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Baƙin rubutu da aka ajiye a matsayin ja sifili, kore sifili, shuɗi sifili, wasu firintoci ba da baƙar tawada kaɗai suke fitar da shi ba, sai su haɗa da sauran ukun don ya ƙara duhu. Mai firinta yana ganin baƙi a takarda, amma rawaya da shuɗinsa suna raguwa a kwalba. Fayil ɗin da aka mayar toka-toka na gaskiya ya rufe wannan ƙofa, tunda babu kalar da za a ƙirga.

To amma ba ya rufe ta gaba ɗaya, musamman a firintar gida mai tawadar ruwa. Irin wannan firinta, idan aka ba ta hoto mai toka, tana iya haɗa kaloli ukun don ta fitar da toka mai laushi, domin baƙar tawada ita kaɗai tana barin ɗigo-ɗigon da ido ke gani. A firintocin HP da yawa, a ƙarƙashin zaɓin Print in Grayscale, akwai abu biyu: High Quality Grayscale, wanda ke shan kala, da Black Ink Only, wanda baƙi kaɗai yake taɓawa. Wanda ya zaɓi na farko yana tsammanin ya yi tanadi, bai yi ba. Nau'in takardar da aka gaya wa firinta ma yana da tasiri: idan aka ce mata takardar hoto ce, sau da yawa takan koma haɗa kala ko da fayil ɗin toka ne. Sannan duk firintar tawadar ruwa tana shan kaɗan daga kowace kala lokacin da take wanke bakin feshinta, ko an buga kala ko ba a buga ba. Wannan babu fayil ɗin da zai hana shi. Hanyar gane abin da ke faruwa mai sauƙi ce: a ɗauki hoton da aka buga a duba shi kusa-kusa, ko a ɗauke shi da kyamarar waya a faɗaɗa. Idan an ga ƙananan ɗigo masu rawaya da shuɗi a cikin tokar, kala ake sha.

Ga wanda firintarsa ta leza ce mai baƙar hoda kaɗai, irin wadda ta cika shaguna da ofisoshinmu, cire kala kafin bugawa ba ya rage masa ko ƙwayar hoda ɗaya. Injin ba shi da kala tun asali, da kansa yake mayar da komai toka. Amfanin da ya rage masa guda ɗaya ne, kuma babba ne: zai ga yadda shafin zai fito tun kafin ya ɓata takarda.

Wannan ya kawo mu ga zane-zanen ɗalibar nan. Ta yi sanduna ja don waɗanda suka ce a'a, kore mai duhu don waɗanda suka ce e. A sa lambobin cikin lissafin da ke sama. Ja zalla ya ba da 76. Kore mai duhu da aka saba, wato 0, 128, 0, ya ba da 75. Tsakanin 75 da 76 babu idon da zai bambance. Zanen da a fuskar kwamfuta yake bayyane sarai, a takarda ya zama jerin sanduna masu toka iri ɗaya, kuma ɗan akwatin da ke gefe mai bayanin wace kala ce me ya zama banza. Mai jarrabawa zai ga sanduna, ba zai san wane ne wane ba. Haka rubutun rawaya a kan fari yake ɓacewa, domin rawaya tana ba da 226, dab da fari. Ja a kan shuɗi kuma, 76 a kan 29, duka biyun duhu ne, sai an matse ido. Abin da ya tsira shi ne alamar rawaya da ake shafawa a kan baƙin rubutu don jawo hankali: takan zama toka mai haske, rubutun ya fito lafiya.

Maganin wannan ba a cikin PDF yake ba. Dole a koma Excel ko Word, inda aka yi zanen. A sa ɗaya sandar ta zama mai duhu sosai, ɗaya mai haske sosai, ko a cika ɗaya da layuka a karkace, ɗaya da ɗigo-ɗigo. A zanen layuka, a sa wani ya zama miƙaƙƙe, wani tsinke-tsinke. Mafi kyau a rubuta sunan kowane sashe a jikinsa, kada mai karatu ya dogara da kala sam. A ganina, zanen da ba ya karantuwa idan an cire kala tun farko ba a yi shi da kyau ba, domin akwai mutane da yawa, musamman maza, da idonsu ba ya bambance ja da kore ko a fuskar kwamfuta.

Majigin gabatarwar shi ne inda shawarar nan take juyewa ta zama asara. Shuɗi mai duhun da ke cikin kalolin PowerPoint na yau da kullum lambobinsa 0, 32, 96 ne. Lissafi ya ba da 30 cikin 255, wato duhun da ya kai kusan kashi 88 cikin 100. Idan aka mayar da wannan shafi toka-toka, ba fari ya koma ba, kusan baƙi ƙirin ya zama daga sama har ƙasa. Yanzu a dubi yadda kamfanoni ke auna yawan shafukan da kwanson hoda ke bugawa. Suna aunawa ne da shafin gwaji wanda hoda ta rufe kusan kashi 5 cikin 100 nasa, kamar wasiƙa ta yau da kullum. Kwanson 85A na HP, wanda ƙananan firintoci irin su LaserJet P1102 ke amfani da shi, an rubuta masa shafi 1,600 a kan wannan ma'auni. Shafin da aka lulluɓe da duhun kashi 88 ya ci abin da shafi goma sha bakwai ko sha takwas na rubutu za su ci. A ƙiyasce, kwanson da ya kamata ya kai shafi 1,600 zai ƙare a wajen shafi 90. Majigin shafi 40, idan an buga kowanne a cikakken shafi, ya cinye kusan rabin kwanso. Ba mamaki idan mai shago ya duba irin wannan fayil ya ɗaure fuska ya ce: "Hajiya, wannan fa kuɗinsa daban ne."

Nan ma gyaran a tushe yake. PowerPoint yana da nasa zaɓin a wurin bugawa: Color, Grayscale, da Pure Black and White. Biyun ƙarshe sun fi cire kala na PDF wayo, domin sun san wane ne bango, wane ne rubutu, sai su bar bangon fari su mayar da rubutun baƙi. Da zarar an riga an mayar da majigin PDF, wannan sanin ya tafi. Bangon ya zama wani babban murabba'i mai kala kamar kowane zane, manhajar da ke cire kala ba ta da hanyar gane cewa ado ne kawai. Idan kuma bangon hoto ne aka shimfiɗa, gara a canza shi zuwa fari da hannu, a mayar da rubutun baƙi, kafin a fitar da PDF. A haɗa da buga majigi shida a shafi ɗaya, shafi 40 ya koma bakwai.

Sai batun nauyi. Nan ma akwai lissafin da ke ruɗar mutane, domin a takarda daidai yake. Shafin A4 da aka yi wa sikanin da ɗigo 300 a kowane inci yana da ɗigo 2,480 a faɗi, 3,508 a tsayi, jimla kusan miliyan 8.7. Idan na kala ne, kowane ɗigo yana buƙatar lamba uku, sai shafin ya kai kusan megabait 26 kafin a matse shi. Idan toka ne, lamba ɗaya, megabait 8.7. Daga nan ne maganar "zai ragu sau uku" ta fito. Amma babu wanda ke ajiye hoto ba a matse ba. Hotunan waya da yawancin na sikana a tsarin JPEG suke, shi kuwa JPEG ya riga ya yi wa kala rowa tun kafin mu zo. Yakan raba hoto zuwa haske da kala, ya ajiye hasken cikakke, kalar kuma, a mafi yawan hotuna, ya ajiye bayaninta sau ɗaya ga kowane ɗigo huɗu. Wato ɗigo huɗun da ya kamata su ci lamba goma sha biyu, shida suke ci: huɗu na haske, biyu na kala. Idan aka cire kala, biyun nan ne kawai suka tafi. Kuma su ne suka fi matsuwa, domin kala ba ta cika sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigo kamar haske ba. Saboda haka abin da ake samu a zahiri yakan gaza kashi ɗaya cikin uku, sau da yawa ma ya gaza nesa.

Shafukan rubutu 48 kuwa ba za su ragu da komai ba. Rubutun da aka buga a Word ba hoto ba ne a cikin PDF. Umarni ne: a sa wannan harafi a nan, da wannan girma, da wannan kala. Canza kalar daga shuɗi zuwa toka sauya 'yan lambobi ne. Duk shafukan nan a haɗe ba su kai nauyin hoto ɗaya daga cikin huɗun da ta ɗauka da waya ba. Nauyin fayil ɗin ɗalibar kusan duka yana cikin shafi shida: hotuna huɗu da sikanin biyu.

Abin da ke rage nauyi da gaske shi ne rage yawan ɗigo. Idan aka sauko daga 300 zuwa 150 a inci, an raba faɗi biyu an raba tsayi biyu, yawan ɗigon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu: daga miliyan 8.7 zuwa kusan miliyan 2.2. Hoton waya mai ɗigo 4,000 a faɗi da aka ƙanƙance ya zauna a faɗin inci biyar a shafi yana ɗauke da ɗigo 800 a inci, fiye da abin da kowace firintar ofis za ta iya nunawa a hoto. A nan ne kitsen fayil yake. Ɗigo 150 ya wadatar don karatu a waya da bugun yau da kullum. Idan akwai ƙananan rubutu a cikin sikanin, gara 200 ko a bar shi 300.

Yaya ake yin aikin? Wanda kawai yake son bugawa yanzu-yanzu, ba ya buƙatar sabon fayil. A Adobe Acrobat Reader, wanda kyauta ne, akwai akwatin Print in grayscale (black and white) a wurin bugawa, da wani kusa da shi, Save ink/toner. Wannan bai taɓa fayil ɗin ba, bugun wannan karon kaɗai ya shafa. Mai kwamfutar Mac zai buɗe fayil a Preview, ya zaɓi Export, a wurin Quartz Filter ya ɗauki Gray Tone. Mai Acrobat Pro, wanda ake biya, zai sami Convert Colors a cikin kayan Print Production. Amma kayan aikin da na fi amincewa da shi shi ne Ghostscript, tsohuwar manhaja ta kyauta da ta fara fitowa a 1988, wadda ke aiki a Windows da Mac da Linux. Ba ta da maɓallan latsawa, rubuta mata umarni ake yi, kuma wannan ne ke korar mutane. Umarnin kuwa layi ɗaya ne:

```
gs -sDEVICE=pdfwrite -sColorConversionStrategy=Gray -dProcessColorModel=/DeviceGray -o toka.pdf asali.pdf
```

A Windows, `gswin64c` ake rubutawa a madadin `gs`. Sunan `asali.pdf` shi ne fayil ɗin da ake da shi, `toka.pdf` kuma sabon da zai fito. Kada a ba su suna ɗaya, domin manhajar za ta fara rubutu a kan abin da take karantawa, a rasa duka biyun. Kyawun wannan hanya shi ne rubutu yana nan a matsayin rubutu: ana iya nemo kalma, ana iya kwafa, kuma haruffa suna fitowa da kaifinsu.

Don a haɗa da rage nauyi, sai a ƙara `-dPDFSETTINGS=/ebook` nan da nan bayan `-sDEVICE=pdfwrite`. Wannan yana saukar da hotuna zuwa ɗigo 150 a inci. Akwai `/screen` mai saukarwa zuwa 72, wanda ban ba da shawararsa ga duk abin da za a buga ba, da `/printer` mai 300. Wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: Ghostscript ba ya rage hoton da bai wuce ma'aunin da rabi ba. A `/ebook`, hoton da ke ƙasa da ɗigo 225 a inci ba za a rage ɗigonsa ba. Don haka wanda ya yi sikanin a 200 zai iya ganin fayil ɗinsa bai ragu yadda ya zata ba.

Wani lokaci ma fayil ɗin ƙaruwa yake yi. Dalili shi ne, don a cire kala daga hoton JPEG, sai an kwance matsin, a sauya lambobin, a sake matsewa. Idan an matse asalin da ƙarfi, kamar hoton da ya bi ta WhatsApp, sabon matsin na iya zama mai sassauci fiye da na da. Kuma kowace sake matsewa tana ɗan rage kyan hoto, shi ya sa ba a maimaita aikin a kan fayil ɗin da aka riga aka juya. A koma ga asali kowane lokaci. Wasu manhajoji da shafukan intanet kuma hanyar ragwanci suke bi: su mayar da kowane shafi hoto ɗungurungum sannan su cire kala. Fayil mai rubutu zalla da bai kai megabait ɗaya ba sai ya kumbura ya ninka sau da yawa. Ana gane wannan cikin daƙiƙa: a gwada zaɓar kalma ɗaya da linzami, ko a faɗaɗa shafin sosai. Idan kalmar ta ƙi zaɓuwa, ko gefen haruffa ya zama dishi-dishi, an mayar da rubutun hoto.

Shafukan intanet masu yin wannan aiki kyauta suna da yawa, kuma ga mai waya kaɗai su ne mafi kusa. Don takardar darasi ko sanarwar taro, babu laifi. Amma aikin a kwamfutar wasu ake yin sa, wato sai an ɗora fayil ɗin can. Takardar shaidar ɗan ƙasa, bayanin asusun banki, sakamakon asibiti, takardar fili, waɗannan ba na ɗorawa ba ne don kawai a cire musu kala.

Ghostscript yana da wani amfani da masu shago za su so. Yana iya faɗin waɗanne shafuka ne ke ɗauke da kala:

```
gs -q -o - -sDEVICE=inkcov asali.pdf
```

Zai fitar da layi ɗaya ga kowane shafi, mai lambobi huɗu, na C da M da Y da K a jere. Shafin da babu kala a cikinsa yakan fito da siffa irin wannan:

```
0.00000  0.00000  0.00000  0.04210 CMYK OK
```

Ukun farko sifili, na huɗu kaɗai ke da lamba. Idan aka gwada a kan sabon fayil aka ga haka a kowane layi, aikin ya yi. Idan aka gwada a kan asali, za a iya ganin shafukan da ido ke cewa baƙi ne amma ukun farko ba sifili ba. Sai dai a lura, lambar tana nuna yawan filin shafin da tawadar ta taɓa ne, ba kaurinta ba: toka mai haske da baƙi ƙirin da suka rufe fili ɗaya za su ba da lamba ɗaya.

Saura shafi biyu na ƙarshe, takardar izini mai hatimi. A nan akwai zaɓi na uku da ya fi toka ƙanƙanta, wato baƙi da fari zalla, inda kowane ɗigo ko dai baƙi ne ko fari, babu tsaka-tsaki. Shafin A4 ɗin nan mai megabait 26 a kala, a wannan tsari bai wuce kusan megabait 1.1 ba tun kafin matsi, bayan matsi kuma shafin rubutu mai tsabta yakan koma 'yan kilobait. Ga tarin takardun da aka buga da inji, babu abin da ya kai shi, kuma yana wanke dattin bangon takarda, wanda a toka yakan fito kamar hazo ya ci hoda a banza. Amma ba ya da tausayi: rubutun fensir, hatimin da tawadarsa ta yi rauni, da hoton fasfo, ko dai su ɓace ko su zama baƙin tabo. Zaɓin nan a lokacin sikanin ake yin sa, a sikana ko a manhajar waya, kuma a duba sakamakon kafin a mayar wa mai takarda takardarsa.

Ga takardar izinin ɗalibar, ni zan bar ta da kalarta a fayil ɗin da za a ajiye ko a tura. Shuɗin biro da jan hatimi ko shunayya su ne ke nuna cewa daga asali aka ɗauka, ba daga fotokwafi ba, kuma akwai ofisoshin da ke neman sikanin mai kala saboda haka. Idan kuma fayil na ɗauke da sa hannun lantarki, irin wanda manhaja ke tantancewa, duk wani juyi zai rushe shi, domin sa hannun yana shaida ne cewa ba a taɓa ko harafi ɗaya ba tun da aka sa shi. Fom ɗin da ake cikewa a kwamfuta ma yana iya rasa gurabensa. Kuma kala ba ta dawowa: da zarar 76 da 75 sun zauna a fayil, babu manhajar da za ta san wanne ne ja, wanne ne kore.

Abin da ɗalibar za ta tafi da shi shago ke nan: fayil na asali mai kala a ajiye, ba a taɓa shi ba. Zane-zane shida an gyara su a Excel yadda za su karantu babu kala. Kwafin toka-toka da aka saukar da hotunansa zuwa ɗigo 150, wanda ta duba shafi-shafi a kwamfuta kafin ta fita. Majigi an fitar da shi daga PowerPoint da farin bango, shida a shafi. Idan sashenta ya nace sai hotuna huɗun nan sun fito da kala a kwafin da za a ajiye a laburare, sai ta ba mai shago lambobin shafukan ya buga su kaɗai daga fayil na asali, a saka su a gurbinsu kafin a ɗinke.